Bidiyon Baba Bai Fito da Rubutu Ba

Shagona da na Mai Gilashi bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki. Ni aikina ɗaukar bidiyo da gyara shi: taron makaranta, buɗe shago, da masu talla da ke son kayansu su fi yadda suke kyau. Shi kuma yanka gilashi yake yi yana haɗa firam. Duk hoton da na wanke, ta ƙofar baya nake miƙa masa. Tsawon zamanmu ban taɓa jin ya fasa gilashin wani ba, ni kuwa ko kofin shayi ba ya daɗewa a hannuna.

Kurma ne. Ba haka aka haife shi ba, zazzaɓi ne ya tafi da jinsa yana firamare. Saboda haka yana magana, sai dai muryar takan hau ta sauka ba da saninsa ba, kuma yana karanta leɓe in ka fuskance shi ka bar tauna kalmomi. Karatu kuwa ya fi ni, ba na jin kunyar faɗa. In ya samu sarari da rana, sai ya jingina waya da gwangwanin ƙusoshi yana kallon maƙeran gilashi na wasu ƙasashe, yana bin rubutun nan da na'ura ke jerawa da kanta a ƙasan bidiyo. Ya taɓa ce mini, "Maƙwabciya, abin nan yana yin kuskure, amma ba ya tausayina." Na gane nufinsa. Mutane sai su yi ta zuba a gabansa, su yi dariya har da dukan cinya, in ya tambaya me aka ce, a ce masa, "Ba komai, hira ce kawai."

Ranar da nake ba da labarinta, ko shara ban gama ba ya shigo, ƙanwarsa Auta tana biye da shi. Auta a kantin magani take aiki, mace ce mai kazar-kazar, amma ran nan idonta a kumbure yake, ta riƙe waya da hannu biyu kamar za a ƙwace.

"Anti, ki taimaka mana," in ji ta. "Bidiyo muka ɗora ya ƙi fito da rubutu."

"Bidiyon me?"

Ta kalli yayanta, sannan ta juya masa baya kaɗan ta yi mini bayani. Na lura da juyawar, kuma ban so ta ba.

Mahaifinsu tsohon hedimasta ne. Ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi bara, bakinsa ya karkace, hannun da yake rubutu da shi ya ɗauki rawa. Yanzu kuma likita ya ce sai an yi masa aiki a zuciya, a babban asibiti da ke wani gari mai nisa, kuma bai ɓoye musu ba cewa aikin da haɗari. Motar za ta tashi da hantsin ranar. Shekaranjiya tsohon ya tara 'ya'yansa a ɗakinsa ya yi wa kowa magana, Auta ta kafa waya ta ɗauka domin yayarsu da ke aure a nesa.

Mai Gilashi ya matso ya tsaya inda zai ga bakinmu duka biyun.

"Ina cikin ɗakin," ya ce. "Da ya zo kaina ya daɗe yana magana. Yana nuna ni da hannu. Bakinsa ba ya karantuwa yanzu, Maƙwabciya. Na tambayi Babban Yaya, ya ce albarka ya sa mini. Albarka ce za ta yi wannan tsawon? Ina so in san abin da ya ce kafin su tafi."

"To ga Auta, ai tana wurin."

Auta ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya girgiza nasa da ƙarfi.

"Ba na son na mutum. Mutum ragewa yake yi. A ɗora, na'ura ta rubuta, in karanta da idona."

Sai daga baya na gane yadda abin yake. Babban Yaya ya ja kunnensu duka kada wanda ya faɗa. Auta ba ta iya saɓa masa, ba ta kuma iya kallon idon Mai Gilashi. Da ya ce a ɗora bidiyon sai ta ji kamar an sauke mata kaya: na'ura ce za ta faɗa, ba ita ba. Su biyun nan kowa ya laɓe a bayan na'ura, na'urar kuwa ba ta san da zamansu ba.

Na karɓi wayar na duba. An ɗora shi a rufe, sai wanda aka ba adireshin zai gani. Hoto ya fito tas, amma maɓallin rubutu babu shi. Na duba lokacin da aka ɗora, na ga da asubar ranar ne.

"Ba shekaranjiya kika ce ba?"

"Shekaranjiya na fara ɗorawa. Na jira na ga shiru, sai na goge na sake. Jiya ma na sake da safe, na sake da yamma. Na zata bai hau daidai ba ne."

Wallahi sai da na zauna.

"Auta, Allah ya shirye ki. In kin je asibiti kin ga layi ba ya tafiya, sai ki fita ki koma ƙarshe ki sake kamawa?"

Na juya na fuskanci Mai Gilashi don ya ga bakina, na yi maganar a hankali. Na ce hoto daban, rubutu daban. In bidiyo ya gama hawa, shafin yakan fara gyara hoton don a iya kallo. Rubutu kuwa sai na'ura ta saurari sautin daga farko har ƙarshe, ta gane yaren, ta jera kalmomin a kan lokacinsu. Gajeren bidiyo mai murya ɗaya tas, wani lokaci kafin ka sha ruwa ya fito. Dogo irin wannan yana iya wuni, yana iya kwana. Kuma duk wanda ya goge ya sake ɗorawa, sabon bidiyo ne a wurinsu, aikin daga tushe ake komawa.

"Ashe da ta bar na farko da ya fito?" ya tambaya.

"Wataƙila. Bari in ga cikinsa tukuna."

Na juye asalin bidiyon a kwamfuta. Ban ma kunna sauti ba, zanen sautin da ke ƙasan allo kawai na kalla, na san akwai aiki. Farkon duk a shafe yake, layi ɗaya miƙe. Auta ta kunna wayar tun tsohon yana gyangyaɗi, ta tafi kiran sauran, wayar ta yi ta ɗaukar mutum yana numfashi. Daga nan kuma zanen ya yi kauri bai sake sirancewa ba. Na tambaya mene ne wannan, ta ce fanka ce, a kan tebur ɗaya ta jingina wayar da ita.

"Sannu da ƙoƙari," na ce. "Kin ɗauko mana fanka tas, sai Baba daga nesa."

Na ƙirga masa a yatsu. Dogon shiru a farko yana iya sa na'urar ta ƙi yin rubutun gaba ɗaya. Ƙarar da ta danne murya, haka. Mutane suna magana a kan juna, haka. Kuma abin haushin, ba lallai shafin ya gaya maka wanne ne ya same ka ba. Wanda rubutunsa ke kan hanya da wanda nasa ba zai taɓa zuwa ba, duk maɓallin ne ba sa gani, sai su zauna jira tare.

"Da wane yare Baba ya yi maganar?" na tambayi Auta.

"Kin san shi, hedimasta. In ya tara mu Turanci yake yi, kamar muna asambuli."

Wannan ya kwantar mini da hankali, don na san shafin ya iya Turanci. Na ce zan yanke shirun, in rage kukan fanka, in ɗaga muryar tsohon, in gaya wa shafin yaren da kaina don kada ya tsaya lalube. Na ɗauko iyafis zan saƙala a kunne, sai Mai Gilashi ya dafa hannuna.

"Kada ki saurara," ya ce. "Maganar gida ce. Kowa ya ji kafin ni. Wannan karon ni zan fara."

Me za ka ce da mutumin da ya faɗi haka? Na saurari gaisuwar farko kawai don in daidaita muryar, na ajiye iyafis ɗin, sauran na yi da ido. Har yau in na tuna hannuna yana ajiye abin nan a kan tebur sai raina ya ɓaci. A lokacin motar ba ta tashi ba, kuma daga shagona zuwa gidansu ko abin hawa ba a nema.

Auta ta ce za ta je gida ta yi sallama da Baba. Ta tambaye shi ko zai zo. Ya ce ya riga ya je da sassafe, ya tarar maganin barci bai saki Baba ba, ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'a. Babban Yaya ya ce masa ya tafi shago, mota ba wuri, za a riƙa turo masa saƙo. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, bakinta ya motsa kamar za ta yi magana, sai kuma ta gyara mayafi ta fita.

Na gama gyara, na fitar da bidiyon, na ɗora. Intanet ɗin layinmu kuwa kowa ya san halinsa, in kana sauri nan yake tuna gajiyarsa. Da ya gama hawa na buɗe shafin da ake duba rubutu, babu komai tukuna. Na ce masa ya je ya yi aikinsa, zan buga masa bango in ya fito, don yana jin girgizar falanki a bayansa. Bai tafi ba. Ya jawo kujerar kwastoma ya zauna a gefena, kowane ɗan lokaci ya miƙo yatsa ya sabunta shafin.

"Dannawar ba ta sa shi sauri," na ce.

"Na sani."

Ya sake dannawa.

Wata mata ta zo karɓar madubinta, ya leƙa ya miƙa mata ya dawo. Ni ma na kasa aikin kirki. Ina da bidiyon yaye ɗalibai da ake jira, na buɗe shi na rufe. A zaman ne ya ba ni labarin yadda yake yi wa tsohon aski tun da ciwon ya same shi, da yadda yake juya shi a gado. Ya ce sauran in suka ɗaga shi sai ya ga fuskarsa ta yamutse, shi kuwa ya saba da ɗaukar abin da ke fashewa. Ya yi dariya, sannan ya ce, "Amma hira ba ma yi. Da can yana rubuta mini a takarda, yana gyara mini kuskure da jan biro. Yanzu hannun ya ƙi. Maganar hannu kuma bai taɓa koya ba, wai ya tsufa."

Hantsi ya wuce, rana ta take. Ya duba agogon bango, na san ya san sun tafi. Na sayo mana abinci, nasa ya huce a leda.

Sai bayan la'asar maɓallin ya bayyana. Shi ya fara gani, ya buga tebur har linzamin kwamfuta ya faɗi ƙasa. Na juya masa allon, na ja kujerata baya, na kashe sauti kamar yadda ya so. Amma ido ba ya da marfi irin na kwalba, ina hango rubutun.

Na'urar ta yi ƙoƙari, a ba ta haƙƙinta. Ga tsohon a jingine da matashi yana yi wa Babban Yaya magana a kan haƙuri da ƙannensa. Wasu kalmomin sun fito a birkice saboda bakin da ya karkace, inda suka amsa gaba ɗaya kuma rubutun ya tsallake, amma ana gane zancen. Ya yi wa ta nesa nata, ya yi wa mai bi mata. Mai Gilashi yana karantawa yana gyaɗa kai, har da murmushi inda tsohon ya yi wa Auta tsiyar ba ta iya zama wuri ɗaya.

Sai tsohon ya juyo da fuskarsa gefen ƙofa, inda Mai Gilashi ke tsugune a cikin hoton. Ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna shi. Rubutun ya kawo wasu kalmomi da ba su haɗu da juna ba, wani abu a kan kasuwa da jirgin ruwa, sannan ya ɗauke. Bakin tsohon yana ta motsi, ƙasan allon wayam.

Ya mayar baya ya sake kallo. Ya sake. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Bai gama ba ne? Mu jira?"

Na riga na gane. Na ce masa a'a, wannan ba na jira ba ne, ya gama iyakar abin da zai iya. Baba ya bar Turanci ne a nan. Na'urar yare ɗaya aka ce ta saurara, da ya koma yaren gida sai ta yi ta laluben Turanci a cikinsa, da ta rasa ta yi shiru. Ko da mun ce mata yaren gida ne tun farko, shafin nan bai iya rubuta shi da kansa ba a lokacin. Auta ba ta yi ƙarya ba, tsohon da Turanci ya yi wa kowa. Wannan ɗan ne kawai ya sauko ya yi masa da harshen da ya rene shi da shi.

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗauko iyafis ɗin daga kan tebur ya ɗora a tafin hannuna.

"Rubuta," ya ce. "Kada ki rage ko ɗaya. In kin rage zan gani a fuskarki."

Akwai wurin da mai bidiyo ke iya rubuta nasa da hannu, layi bayan layi, a kan lokacin maganar. Nan na buɗe. Ina saurara, ina tsayarwa, ina bugawa, shi kuma yana tsaye a kaina yana karanta kowace kalma tana fitowa.

Tsohon ya ce, "Kai kuma, ɗan nan, ban san ta inda zan fara ba. Na koya wa 'ya'yan mutane magana shekara da shekaru, na kasa koyon taka. Ka yi haƙuri da ni."

Na tsaya na share ido. Ya taɓa kafaɗata, wato in ci gaba.

"An ce mutum ɗaya za a bari ya zauna da ni a can. Kai nake so. Waɗannan in sun ɗaga ni kamar buhu suke ɗagawa, kuma sun cika ni da 'sannu, sannu'. Kai hannunka ba ya ciwo. In za a tura ni ɗakin aikin nan, fuskarka nake so in gani ta ƙarshe, don kai kaɗai ne ba ka iya yi mini fuskar ƙarya. Ina jin tsoro, ɗan nan. Za ka raka ni?"

A cikin hoton ɗakin ya yi tsit, kowa ya juya yana kallonsa. Shi kuma, da ya ga an zuba masa ido, sai ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro in magana ta wuce shi kuma ba ya so ya ba mutane wahala. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Ya yarda."

Sai muryar Babban Yaya daga gefe, ƙasa-ƙasa, da wani yake yi ba da tsohon ba: "Ku bar shi kawai. Wa zai ji likita in ya kira? Ni zan je. Kada wanda ya tayar da maganar."

Na buga wannan ma, tunda na yi alkawari.

Ba zan ce Babban Yaya mugu ba ne. Na san shi, shi ya ɗauki nauyin gidan tun tsohon ya kwanta, kuma tambayarsa tambaya ce: a asibiti da baki ake kiran mai jinya, da baki ake cewa a kawo kaza. Amma da ya faɗa wa Mai Gilashi, da sun zauna sun nemi dabara, ko su tafi su biyu ɗaya ya kwana a waje. Haushina da shi ke nan, ya yanke hukunci shi kaɗai ya kira shi albarka.

Mai Gilashi bai yi kuka ba. Ya zaro waya ya kira Babban Yaya ta bidiyo, ba a ɗauka ba. Yana cikin rubuta saƙo sai ga Auta ta shigo, daga wurin aiki take. Ta kalli allon, ta ga rubutun da na buga, sai ta durƙushe a bakin ƙofa.

"Yaya, ka yafe mini."

Ya ɗago haɓarta don ya ga bakinta.

"Baba ya neme ni?"

Ta yi ƙoƙarin kawar da kai, ya ƙi saki.

"Ya ƙi a rufe ƙofar mota," ta ce. "Ya ce a jira ka, kai ba ka saɓa alkawari, wataƙila kaya kake haɗawa. Yana ta leƙen bakin layi. Direba ya ce za a makara. Babban Yaya ya ce masa aiki ya riƙe ka a shago, za ka biyo daga baya."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce, 'Aiki?' Shi ke nan. Sai ya ce a rufe."

A daidai lokacin nan muna zaune ni da shi muna danna shafi, muna jiran maɓalli. Na yi wannan lissafin a zuciyata, na san shi ma ya yi.

Ko shagonsa bai rufe ba, ni na ja masa ƙofa. Ya kama motar yamma. Auta ta riƙa gaya mini yadda ake ciki: ya isa an riga an kai tsohon ɗakin da ba a barin kowa shiga, ana shirya shi. Mai gadi ya ce sai gobe. Da gari ya waye kuma, kafin a buɗe wa 'yan dubiya, an shiga da shi aikin. An fito da shi da rai, amma bai farfaɗo ba. Mai Gilashi ne ya zauna da shi kwanakin da suka rage, don Babban Yaya da kansa ya cire katin mai jinya daga wuyansa ya rataya masa. Ashe ma'aikatan jinyar ba su sha wata wahala ba, in suna son sa sai su taɓa shi su nuna masa a waya. Yana juya shi, yana goge masa jiki, har aski ya yi masa. Ko tsohon ya san hannun wa ke taɓa shi, wannan Allah ne masani. A can ya cika.

Da aka share makoki ya dawo ya buɗe shago. Na ji ƙarar abin yankan gilashinsa ta bango, amma bai leƙo ba, ni ma ban matsa ba. Wayarsa ba ya jingina ta da gwangwani da rana kuma. Sai wata ranar da kasuwa ta yi sanyi ya shigo ya zauna a kujerar kwastoma.

"Buɗe mini bidiyon."

Na buɗe. Ya ja shi kai tsaye zuwa wurin, ya kalli kansa yana murmushi yana gyaɗa kai, ya tsayar a kan layin da na rubuta "Ya yarda."

"Akwai abin da ba ki sa ba," ya ce.

"Wallahi ban rage komai ba."

"Kalmomin sun cika. Muryar nake tambaya. Yaya ta fita da ya faɗi wannan? Bakinsa ba ya nunawa."

Na so in ce ban tuna ba. Na so in ce murya ce ta mara lafiya kawai, a gajiye, da wuya a gane. Yana kallon fuskata bai ƙifta ba. Na saƙala iyafis na sake saurara, ko da yake ba na bukata.

"Da murna ya faɗa," na ce. "Har ya yi 'yar dariya a ƙarshe."

"Dariya."

"E. Irin ta wanda hankalinsa ya kwanta."

Ya runtse ido, ya daɗe a haka. Da ya buɗe sai ya turo mini allon bugawa gabana.

"Sa shi a ciki," ya ce. "Yadda ya faru."

Na ƙara layi a ƙarƙashin maganar, na rubuta cewa Baba ya yi dariya. Ya karanta, ya mayar baya ya sake karantawa tare da hoton. Sannan ya kifa goshinsa a kan teburina, kukan da bai yi ba tun ranar ya ƙwace masa, da ƙarfi ƙwarai, don bai san yadda yake fita ba. Masu shagunan layin suka fara leƙowa. Na tashi na saki labule, na dawo na zauna kusa da shi.